Baitin da Aka Ja Wa Jan Layi

Bana azuminmu da na maƙwabtanmu Musulmi sun sake haɗuwa, kuma a tsakiyar bazara suka haɗu. In rana ta take, titin da ya raba Fagge da Sabon Gari sai ya yi shiru kamar an share shi. Masu turin baro suna kwance a ƙarƙashin barukansu, kowa da jiƙaƙƙen tawul a ka. Ni ma ina zaune a inuwar katanga, leɓena ya bushe, ba na iya komai sai kallo. Rabon da in ga azumin biyu sun zo tare cikin irin wannan zafi shekara talatin ke nan da wani abu. Wancan karon Saratu tana nan. Wannan ne azumi na farko da nake yi babu ita, shi ya sa wancan ya dawo mini gaba ɗayansa, har da warin kwata da ɗanɗanon ruwan garuwa.

Sunana Yohanna. Daga wajen Zariya muka zo Kano, ni da matata Saratu da 'yarmu Rifkatu tana goye. Ina tsaron sito a wurin wani mai atamfa a Kantin Kwari. Muna haya a Fagge, ɗaki ɗaya a gidan Hajiya Uwani, mu kaɗai ne Kirista a gidan. Ranar Lahadi mu tsallaka titi mu tafi cocinmu na Katolika a Sabon Gari, inda ake yi mana sujada da Hausa da sassafe kafin ta Turanci.

Saratu ba ta wuce aji uku ba, amma waƙa tana zuwa mata. Tana cikin zumuntar mata ta coci, su ne masu kiɗa tulu da caki, su ba da waƙa jama'a su amsa. Waƙoƙin nan ba a rubuce suke ba. Wasu tsofaffi ne suka zo da su daga ƙauye, wasu a nan aka yi su. In tsohuwa ta mutu, sai ka ji baiti biyu ko uku sun tafi tare da ita. Shugabar zumunta, Mama Talatu, ita ta ce a tattara a buga littafi kafin ita ma a neme ta a rasa. Ta dube ni ta ce, "Kai Yohanna, tunda ka iya rubuta yadi nawa ya shiga yadi nawa ya fita, za ka iya rubuta yabon Ubangiji. Ba mu ce ka rera ba. Mun ji muryarka, Allah ya kiyaye."

Wata biyar muka yi. Kowace Asabar da yamma in zauna a benci da littafin rubutu, mata su rera, in ce a tsaya, su tsaya suna tsaki, in rubuta, su ci gaba. Muka sami waƙa sittin da huɗu. Tara daga ciki na Saratu ne.

Mu a zatonmu shi ke nan, sai maɗaba'a. Har na yi magana da Alhaji Sule mai buga takardu a Fagge, ya ce kafin bikin Ista, ƙarshen azuminmu, zai gama. Da muka kai wa Fada, limamin cocinmu, don ya sa albarka, ya juya shafi biyu ya rufe. Ya ce littafin da jama'a za su riƙe a coci suna yabo da shi, ba a buga shi sai Bishop ya yarda a rubuce. Shi kansa ba shi da ikon cewa a buga. Ya ce abin da mutum ya rera sau ɗari, shi yake gaskatawa, ya fi abin da ya ji a wa'azi zama a ciki, don haka sai an duba.

Ya faɗa mana yadda ake yi. A buga waƙoƙin da tafireta, kwafi biyu. A sa wa kowace lamba, a rubuta wanda ya yi ta in an sani. A rubuta wasiƙa zuwa ga Bishop, ta bi ta hannunsa, shi kuma ya ɗora tasa takardar cewa ya san mu. Bishop ba shi zai fara karantawa ba, zai ba wani Fada masani da ya naɗa don wannan aiki. Shi wannan ba ruwansa da daɗin waƙa ko rashin daɗinta, abin da yake nema kawai ko akwai abin da ya saɓa wa koyarwar ikilisiya. In bai samu ba, ya sa hannu cewa babu abin da ya hana. Sannan Bishop ya sa nasa, ya ce a buga. Lokacin ba mu da Bishop a Kano, muna ƙarƙashin na Kaduna.

Wasiƙar sau huɗu na rubuta ta. Ban taɓa rubuta wa babba irin wannan ba. Ina da kwafinta har yanzu, takardar ta yi ja:

"Zuwa ga Mai Girma Babban Bishop, ta hannun Fada mai kula da cocinmu. Ranka ya daɗe, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Mu 'ya'yanka mata na zumunta mun tattara waƙoƙi sittin da huɗu da muke yabo da su da Hausa. Ga su nan kwafi biyu. Muna roƙon a duba mana, in akwai kuskure a nuna mana mu gyara, in babu a ba mu izini mu buga domin amfanin jama'a a sujada. Ba mu da ilimi mai yawa. Abin da muka ji muka gani shi muka rera. Ba za mu kai wa mai bugawa ba sai mun ji daga bakinka."

Mama Talatu ta dangwala yatsa a ƙasa, Saratu ta rubuta sunanta a hankali, ni na sa nawa a matsayin wanda ya rubuta. Fada ya tafi da ita Kaduna bayan sabuwar shekara.

Amsa ba ta zo ba sai mako na biyu bayan Larabar toka, ranar da azuminmu yake farawa. A lokacin zafi ya riga ya sauka. Famfon gidanmu ya yi wata bai ɗiga ba. Rijiyar tsakar gida ta koma laka, guga sai ya daɗe yana gogar ƙasa ya fito da rabi. Masu garuwa su zo da asuba ko kada su zo. Saratu ta raba ruwan gidanmu kashi uku: na randa na sha, na bokiti na girki, na wanka kuma in an gama a tare shi a baho a wanke tsumma, a yayyafa sauran a ƙasan ɗaki don a iya kwanciya. Rifkatu duk ƙuraje sun feso mata a wuya. Nama dama ba mu cika gani ba, don haka barin nama ranar Juma'a bai zama mana wani abu ba. Muna kamewa har ƙarfe goma sha biyu, mu sha koko, da yamma tuwon masara da miyar kuka. Kowace Juma'a in na tashi daga kasuwa mu tafi coci addu'ar hanyar giciye, mu durƙusa sau goma sha huɗu a kan siminti mai zafi kamar tanda.

Fada ya kira mu ofishinsa, ni da Saratu da Mama Talatu. Ya ajiye kwafi ɗaya a tebur, ɗayan ya zauna a Kaduna. Mai dubawar, wani dattijo ne Fada Matiyu, ya bi waƙoƙin layi-layi da jan biro, ya kuma haɗo takarda ɗaya ta abin da yake so a gyara. Waƙoƙi biyu da muke yi a tsakiyar sujada mun gajarta kalmomin da ikilisiya ta tsayar, ya ce a mayar da su cikakku. Uku daga wani coci muka aro, sai a nemo izinin masu su a rubuce, ko a cire. A wata waƙa mun ce Uwa Maryamu ta gafarta mana, ya ce ita roƙo take yi mana, gafara ta Allah ce. Mama Talatu ta ce, "Ai kuwa gaskiyarsa. Shekara ashirin ina ba ta aikin da ba nata ba, ba ta taɓa ƙorafi ba." Har Fada ya yi dariya.

Sai ya buɗe waƙa ta ashirin da bakwai. Ya daina dariya.

Dole in faɗi abin da ke bayan wannan waƙa. Shekara shida kafin nan Saratu ta haifi ɗa namiji. Ya kwana biyar. Ranar ta biyar da hantsi numfashinsa ya canza. Na fita da gudu neman mota a kai shi asibiti. Kafin in dawo ya cika a hannunta. Ba a yi masa baftisma ba, ba a raɗa masa suna ba. Mu biyu mun san abin da aka koya mana tun muna yara, cewa in rai yana hannun Allah kowa zai iya zuba ruwa ya faɗi kalmomin, ba sai Fada ba. Randa tana nan bakin ƙofa, cike. Ni ban tuna ba, ita ma ba ta tuna ba. Daga ranar ba mu taɓa yin maganar ba, ko sau ɗaya.

Bayan wata uku ta yi waƙar. Baiti na uku yana cewa:

Ɗana yana gidanka, na sani, na tabbata,
Ko ba a zuba masa ruwa ba, yana zaune a damanka.

Matan zumunta suna rera ta duk lokacin da wata ta yi rashin jariri. Shi ne baitin da aka ja wa jan layi. A gefe an rubuta: a gyara ko a cire.

Saratu ba ta iya karatu da sauri ba, amma ta gane lambar. Ta ce, "Fada, me ya ce?" Fada ya karanta mata. Ta gyara ɗankwalinta, muka fito. A hanya ta tsaya ta sayi gishiri.

Fada Matiyu da kansa ya zo Kano mako biyu bayan haka, cocinmu ya gayyace shi ya yi mana wa'azin azumi na kwana uku. Siriri ne, kansa fari fat, yana jan ƙafa ɗaya. Ranar ta biyu da la'asar ya aiko a kira masu littafi. Muka same shi a ƙarƙashin dalbejiya bayan coci, iska ko ganye ba ta motsawa. Ya ce, "Wace ce mai ta ashirin da bakwai?" Saratu ta durƙusa. Ya ce ta tashi ta zauna. Ya ce, "Na karanta ta a takarda. Ina so in ji ta yadda kuke yin ta."

Mata bakwai ne a wurin. Mama Talatu ta ɗora tulu a cinya ta fara bugun bakinsa da tafin hannu. Saratu ta ba da waƙa, suka amsa. Ban san yadda zan kwatanta ba. Masu sharar harabar coci sun tsaya da tsintsiya a hannu. Dattijon ya sunkuyar da kai, gumi yana ɗiga daga haɓarsa a kan farar rigarsa, bai share ba. Da suka gama na ce a raina an wuce wurin, babu mai jin wannan ya hana.

Ya ɗago kai ya ce, "'Yata, a cikin sittin da huɗun nan babu wadda ta kai ta. Amma ba zan sa hannu ba."

Saratu ta ce, "Fada, kana cewa ba ya can?"

"Ban ce ba. Allah ya tsare bakina."

"To me ka ce?"

"Na ce ban sani ba. Bishop ma bai sani ba. Abin da aka ba mu mu faɗa da tabbaci shi ne baftisma. Yaran da suka tafi babu ita, ikilisiya tana miƙa su ga jinƙan Allah, tana sa rai ƙwarai. Iyakar abin da aka nuna mana ke nan. Ke uwa ce, a ɗakinki ki faɗa wa Allah duk abin da ke ranki, ba ruwana. Amma in na sa hannu, Bishop ya sa, ba ke ce kike cewa kin tabbata ba, ikilisiya ce. Wani uba zai rera ya ce ashe ba gaggawa."

Da ya ce wani uba, ban ɗaga ido ba.

Mama Talatu ta ce, "Haba Fada, layi biyu ne fa. Wa zai ƙirga?" Ya ce, "Ni, Mama. Aikin da aka ba ni ke nan." Ya ce hanya uku ce. A cire waƙar, sauran su wuce. Ko mai ita ta gyara baitin a sake kai masa. Ko mu buga yadda muke so babu izini, amma littafin ba zai shiga coci ba. Ya ce shi ba zai gyara mata ko kalma ɗaya ba, don ba shi ya haifa ba.

Matan suka ce sai abin da Saratu ta ce. Littafi gaba ɗaya ya tsaya a kanta. Na je na gaya wa Alhaji Sule a ɗaga aiki. Ya ce, "Malam Yohanna, ku ma ashe sai malamai sun duba? To ai haka ya kamata. Takarda ba ta ruɓewa."

A makon ne aka ga wata, Musulmi suka ɗauki nasu azumin. Gidan Hajiya Uwani ya juye. Da asuba ƙarar tukwane, da rana shiru, kowa a kwance a kan siminti an yayyafa ruwa. Saratu ta daina shan kokon rana. Ta ce ba ta iya kurɓa a gaban mutanen da suke kallon randa. Sai ta kai har faɗuwar rana tare da su. Ita ke dakan gero da la'asar tunda matan gidan ba ƙarfi, ita ke bin layin ƙanƙara a bakin titi, ta dawo da ɗan guntu a naɗe cikin buhu yana narkewa. In an kira magariba Hajiya ta aiko mana da kunun tsamiya da ƙosai. Ranar Juma'a in ta haɗo da miya ta kan ce, "Na Saratu ban sa nama ba, na san dokarku."

Abin da ya tsorata ni shi ne Saratu ta daina waƙa. Mace ce da ko wanke-wanke take sai ka ji tana gunguni. Kwana goma sha tara ban ji ba. Ranar Lahadi ta zauna a cikin zumunta da caki a hannu, bakinta a rufe.

Wata rana da yamma na dawo na same su ita da Hajiya suna tsince shinkafa a faranti ɗaya. Na ji Hajiya tana cewa, "Ni huɗu na binne. A wurinmu ba a ma tambaya, jariri ba shi da alhaki." Saratu ta ce, "Na sani, Hajiya." Hajiya ta ce, "To ki cire waƙar mana ki huta, ki riƙe abinki a zuci." Saratu ta ce, "In na cire, kamar na sake barinsa ne." Hajiya ta ture mata tsakuwa gefe, suka ci gaba.

Ni ban ba Saratu shawara ba. Tsoro nake ji. Duk hanyar da maganar za ta bi, ta bakin randar nan za ta wuce.

Ranar Alhamis ta mako mai tsarki, makon ƙarshe kafin Ista, ban je kasuwa da wuri ba. Hantsi ne, zafi ya riga ya fara cizo. Saratu tana tankaɗe a ƙofar ɗaki. Ba ta dube ni ba ta ce, "Baban Rifkatu, ɗauko biro." Na ɗauko. Ta ajiye rariya, ta rera a hankali, da muryar da ta shaƙe saboda ƙishi:

Uban ya fita neman mota, uwar tana riƙe da shi,
Ruwa yana cikin randa, ba mu zuba ba, ya Ubangiji.
Ban san inda ka sa shi ba, ba ka gaya mini ba,
Na san hannun da na miƙa wa, shi nake jira.

Na ajiye biron. Ta ce, "Rubuta." Na ce, "Saratu, har da wannan?" Ta ce, "Haka aka yi. Ni da kai ne. Rubuta." Na rubuta. Layi na farko har yau in na ga rubutun a karkace yake. Da na gama ta ce in karanta mata. Na karanta, na kasa kai ƙarshe. Ta ɗauki moɗa ta ɗebo ruwa ta miƙo mini, ta ce in wanke fuskata in tafi aiki kada maigida ya yi faɗa.

Shekara shida muna kwana ɗaki ɗaya da wannan magana. Wani dattijo da bai san mu ba ya ja layi da biro, ta fito.

Ista ta wuce babu littafi. Muka sake buga shafukan da aka gyara, kwafi biyu. Mama Talatu ta je da kanta wurin masu waƙoƙi ukun nan da muka aro, biyu suka ba da takarda, ɗaya ba a gano mai ita ba muka cire. Na rubuta wasiƙa ta biyu, gajera, na jera lambobin da aka taɓa da abin da aka yi wa kowace. Fada ya sake ɗora tasa. Aka yi sallah, Hajiya ta aiko da tuwon shinkafa da miyar taushe, zafi bai ragu ba. Gajimare ya taru da yamma a gabas, a yi iska, ya watse. Mutane suna kwana a waje. Kowace Lahadi in dubi fuskar Fada, ya girgiza kai.

Yanzu yara a coci in waƙa ta zo musu ranar Talata, kafin Lahadi tana cikin wayar kowa, da kiɗa da komai. Wasu suna da daɗi, Rifkatu tana kunna mini. Famfo har yanzu ba ya zuwa, sai dai ruwan leda ya yi yawa. Ban san ko akwai mai jira wata biyu a kan layi biyu ba. Wataƙila akwai, ban ji ba ne.

Ruwan farko ya sauka ranar wata Laraba da azahar. Ina sito na ji ƙanshin ƙasa kafin in ji ƙarar kwano. 'Yan kasuwa suna ta jan dilolin atamfa ciki, 'yan dako kuwa suka fita tsakiyar ruwan suka buɗe hannu. Ranar Lahadin da ta biyo Fada ya ce mu tsaya bayan sujada.

Takarda ɗaya ce mai hatimi. A sama kalmomi biyu na Latin da sunan Fada Matiyu, Fada ya ce ma'anarsu babu abin da ya hana. A ƙasa kalma ɗaya, a buga, da ƙaramin giciye gaban sunan Bishop, da kwanan wata. Fada ya ce a sa waɗannan a bayan shafin farko yadda suke. Ya ce daga yau ba a ƙara ko kalma, ba a ragewa, in an taɓa sai an sake neman izini. In mai bugawa ya fitar da gwaji, in zauna in gwada shi da kwafin da aka buga wa hatimi, layi da layi. In littafi ya fito a aika biyu Kaduna. Mama Talatu ta rangaɗa guɗa a cikin ofis, ta toshe bakinta da kanta.

Akwai wata 'yar takarda kuma da aka maƙala, da rubutun hannu, da sunan Saratu a kai. Fada ya miƙa mini na karanta mata. Fada Matiyu ya ce shekara da shekaru in an kira shi jana'izar irin waɗannan yara yana karanta addu'ar da ke littafi, ya ga iyayen ba su ji ba. Yana roƙon izininta ya riƙa rera ta ashirin da bakwai a wurin, in ta yarda. Ya ce ta aiko masa da amsa, ba zai fara ba sai ya ji daga gare ta.

Saratu ta ce, "Ni yake tambaya?" Fada ya ce, "Ke." Ta ce, "A ce masa na yarda."

Da muka fito ba ta juya hanyar Fagge ba. Ta ba Mama Talatu hannun Rifkatu, ta ce mini, "Kai ni wurinsa." Ba ta taɓa zuwa kabarin ɗanmu ba. Ranar da aka binne shi tana kwance, ni da mutum biyu muka kai shi, ba ta kuma tambaya ba. Muka taka da ƙafa zuwa maƙabarta. Ƙasa da sauran danshi, ciyawa ta fara leƙowa. Na nufi gefen katanga inda ake sa jarirai. Damina shida ta bi ta kai, duk ƙananan tudun sun baje sun zama ɗaya. Na yi gaba, na dawo, na ƙirga taku daga wata bishiya, na sake ƙirgawa. Na ce, "Saratu, ban gane wurin ba. Tsakanin nan da can ne."

Ta dubi tsakanin nan da can. Ta cire takalmanta ta ajiye gefe. Ta ce, "Ya isa. Ni zan ba da waƙa, kai ka amsa."

Na ce ta san muryata.

Ta ce, "Amsa dai."